Balarabiyar da ke Aljihun Ladan Nagoggo

Ranar wata Talata, bayan kiran azahar, duk wanda ke unguwarmu ta bayan rijiyar Kusugu a Daura ya ji muryar mace ta fito daga lasifikar masallaci. Ba muryar kowa ba ce a cikin matanmu. Larabci take yi, mai santsi, irin na gidan rediyo, kuma da Malam Harisu Nagoggo take magana.

Malam Harisu shi ne ladaninmu, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ya gama kiran salla ya murɗa makunnin amfilifaya, a zatonsa ya kashe, alhali rage sauti kawai ya yi. Jar fitilar da ke nuna na'ura a kunne take tana nan tana ci, amma rabon Malam Harisu da ganin wannan fitila an fi shekara biyu. Ya zaro sabuwar wayarsa daga aljihu, ya kai ta bakinsa daidai gaban makirufo, ya yi mata sallama cikakkiya, da wa rahmatullahi da wa barakatuhu, ya ja kowane harafi yadda yake ja a kiran salla. Sannan ya yi shiru yana jiran a amsa, kamar yadda mai ladabi ke yi a ƙofar gidan mutane.

Aka kuwa amsa. Ta mayar masa da sallama, ta zarce da tambayarsa da Larabci me za ta yi masa. Ya ce da Hausa ta karanta masa saƙon da ya shigo. Ta sake yin Larabci. Ya maimaita da ƙarfi. Ta ƙara Larabci, wannan karon har da ba shi haƙuri. Mahdi tela, wanda shagonsa ke jingine da katangar masallaci, ya ce ƙafarsa ta tsaya a kan keken ɗinki, bai san lokacin da allura ta tsallake layi ba. Mata suka leƙo ta saman katanga. Daga ƙarshe unguwa ta ji ladani yana cewa, cikin muryar da ba mu san shi da ita ba, “Baiwar Allah, don girman Allah ki yi min Hausa.”

Dariya ta tashi daga gida zuwa gida kamar an kunna wa kara wuta. Sai da wani ya shiga da gudu ya zare wayar amfilifaya daga soket.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne saƙon da yake roƙo a karanta masa na rasuwa ne. Mahaifiyar Alhaji Jibril mai hatsi ce ta cika a asibiti, za a yi mata salla ƙarfe biyu da rabi a tsohon gidansu da ke can wata unguwa, ba a nan ba. Ƙanin Alhaji ya buga wa Malam Harisu ya ce an turo masa bayani a rubuce, ya sanar yanzu, ya kashe waya don yana tsakiyar hidima. Kafin hayaniya ta lafa, kafin a sami wanda ya karɓi wayar ya duba, kafin a gyara soket, an idar da azahar mutane sun watse. Da aka yi sanarwar saura minti goma. Daga unguwarmu, inda tsohuwar ta zauna shekara arba'in, mutum tara ne suka sami sallarta.

Dariyar ta mutu a bakin kowa kafin la'asar.

Sai in faɗi ko wane ne Malam Harisu, don kada a ɗauka wawa ne. Uwarsa ta rasu yana goye, ƙanwar ubansa ta ɗauke shi, duk inda ta sa ƙafa yana riƙe da gefen zaninta, shi ya sa ake ce masa Nagoggo har furfura ta cika masa gemu. Ya yi allo, ya sauke, bai yi boko ba sai yaƙi da jahilci da ya shiga da girmansa, ya koyi haɗa baƙi. Sana'arsa gyaran keke ce, a gindin wani darbejiya da ke bakin titin Zango. Ladanci kuwa ba a biyan sa ko sisi, kuma ba shi ne abin da ya fi alfahari da shi ba. Abin da ya ɗauka da nauyi shi ne sanarwa. Haihuwa, ɗaurin aure, akuyar da ta ɓata, amma musamman rasuwa. Yana da ƙa'idarsa: ba ya faɗin sunan mamaci sai ya haɗa da sunan uba da laƙabin da aka fi saninsa da shi, ba ya faɗin lokaci sau ɗaya sai sau uku, kuma ba ya ƙara ko kalma a kan abin da aka ba shi. Yakan ce mamaci hakkinsa na ƙarshe a kan maƙwabta sahu ne, shi kuma ladani shi ke riƙe da ƙofar sahun. A shekara talatin da ɗaya ba a taɓa cewa ya kuskure lokaci ba.

Ɗabi'arsa ɗaya ce muke tsokanarsa da ita tun muna samari: sallama. Malam Harisu ba ya buɗe baki ga kowa sai da ita. Yana yi wa ɗakin da ba kowa, yana yi wa mai kanti ko da sau biyar ya koma a wuni, yana yi wa matarsa Hadijatu, Allah ya ji ƙanta, in ya fita ɗebo buta ya dawo. Kuma in ya yi sai ya tsaya an amsa. In ka ce masa “yauwa” ko “sannu Malam”, sai ya sake daga farko, yana kallon ka, har sai kunya ta sa ka amsa yadda ya dace. Mahdi tela ya sha wannan horo fiye da kowa, don shi Mahdi bakinsa ba ya jira kunnensa.

Idon ya fara ne ta gefe. Sai ya riƙa karo da kafaɗar mutane, yana taka buta a alwala. Ya ɗauka tsufa ne. Da aka kai shi asibitin ido aka ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a ɗiga magani a riƙe sauran. Sauran ma bai riƙu ba. Ya sayar da kayan gyaran keke. Hanyar gida zuwa masallaci ƙafarsa ta haddace, taku ɗari da sittin, don haka kiran salla bai tsaya ba. Sanarwa ce ta zama matsala. A da takarda ake kawo masa, mai kawowa ya tsaya ya faɗa da baki. Yanzu mutane sun koma rubuta bayani ɗaya a waya, su watsa wa dangi da abokai da ladanai gaba ɗaya, su juya ga wanka da likkafani. Wasu kan tuna su yi masa saƙon murya, da yawa ba sa tunawa. Shi kuma sai ya tsaya a ƙofar masallaci da ƙaramar wayarsa mai maɓalli a hannu yana jiran mai wucewa. Bai taɓa cewa abin na yi masa ciwo ba, amma mun ga yadda yake sunkuyar da kai in ya miƙa wayar.

'Yarsa Ummukulsum, wadda ke aure a Mai'adua tana koyarwa a firamare, ita ta kawo masa babbar waya, ta sa masa manhajar da ake yi wa magana ta yi aiki, ta karanta saƙo, ta buga wa mutum waya, ta amsa da baki. A wurin zaɓen harshe ta bar shi a kan wayar ta gane da kanta, ta zaɓa mata guda uku, Hausa da Turanci da Larabci. Larabcin don Baba ta sa, ko zai so a karanta masa addu'a. Ta gwada a gabansa, ita da ba ta yi wa waya sallama, ta ce karanta saƙo, waya ta karanta da Hausa tsaf. Ta miƙa masa a tsakiyar hirar ya yi magana, aka amsa masa da Hausa. Ta hau mashin ta koma Mai'adua ranar Asabar da farin ciki. Talata ce rana ta farko da ya buɗe wa wayar baki shi kaɗai.

Bayan sadakar uku Alhaji Jibril ya je wurin Liman Sha'aban. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsoratar da mutane ke nan. Ya ce ba ya ƙin Malam Harisu, amma uwa ɗaya gare shi, an binne ta da mutum tara daga unguwar da ta yi wa aikin unguwarzoma kyauta rabin rayuwarta, ana kuma dariya a lasifika a lokacin da take kwance. Ya ce kiran salla a bar masa, sanarwa a ba mai ido. Liman abokin Malam Harisu ne tun allo. Ya kira shi zaure bayan magariba ya gaya masa da kansa, yana ta gyaran murya. Ya ce a ɗan dakata, Mahdi zai riƙa yi tunda shagonsa na kusa kuma yana karatu. Ya ce in Allah ya sa wayar ta gyaru har ya ji da kunnensa, za a sake magana. Aka sa wa akwatin amfilifaya kwaɗo, mabuɗi ɗaya wurin Liman ɗaya wurin Mahdi, lokacin kiran salla a buɗe masa a rufe.

Malam Harisu bai yi musu ba. Ya ce Alhaji ya yi gaskiya. Washegari ya sa aka raka shi gidan Alhaji Jibril ya durƙusa a zaure, tsoho mai shekara sittin da bakwai, ya nemi gafara. Alhaji ya ce ya yafe, bai ce komai a kan mabuɗi ba.

Sanarwar Mahdi ta farko ta wani tsohon mahauci ce. Ya karanto sunan da ke rubuce tiryan-tiryan, bai faɗi laƙabi ba, mutane suka riƙa tambayar juna wane ne. Malam Harisu yana zaune a dakalin ƙofar gidansa yana ji. Leɓensa ya motsa, ya faɗi laƙabin a hankali, sau uku, ba wanda ya ji sai bango da ni da ke bayan bangon.

Ranar Alhamis ya ɗauki sanda ya tafi kasuwa wurin Munzali mai gyaran waya. Munzali mutum ne mai iyali, mai hannu, ba a raina aikinsa. Ya saurari labarin, wanda ya riga ya ji sau goma, ya danne dariyarsa, ya ce ai abin a fili yake. Wayar tana yanke hukunci ne da kalmomin farko da ta ji. Ta ji Larabci tsantsa daga bakin ladani, aka kuma yi shiru, sai ta ɗauka Balarabe ne ya gama maganarsa, ta kama Larabci ta riƙe. Duk Hausar da ya biyo da ita, da kunnen Larabci take saurara, shi ya sa take ta ba shi haƙuri. Ya ce magani biyu ne: ko Malam ya bar sallama, ko a ɗaure ta a kan Hausa. Malam Harisu ya ce a ɗaure ta.

Munzali ya goge manhajar ya sake ɗora ta, don a wurinsa kowace cuta ta waya da wanka ake fara ta. Ya shiga wurin harshen saurare ya cire zaɓin ganewa da kai, ya bar Hausa kaɗai. Ya ce Malam ya gwada. Malam ya yi sallama, ya ce wani abu, Munzali ya dubi fuskar wayar ya ga kalmomin sun fito da Hausa ɗaya bayan ɗaya, amsa ma ta fito a rubuce da Hausa. Janareto na ruri a bayansa, mai kaset na gefe ya ƙure sauti. Ya ce shi ke nan, an gama. Ya ƙi karɓar komai.

A gida, da Malam Harisu ya zauna a ɗaki shiru, ya yi sallama ya ce a karanta masa saƙo. Muryar da ta fito ba Balarabiya ba ce, Baturiya ce. Kalmomin Hausa take karantawa da bakin Turanci, tana tauna su kamar mai cin ɗanyen rogo. Ya kasa gane ko sunan 'yarsa. Ya sa ta maimaita sau huɗu, ya ajiye ta a kan tabarma. Ya buga wa Ummukulsum da tsohuwar wayarsa, ta yi ta kwatanta masa inda za a taɓa, ta manta da wanda take magana, da ta tuna sai ya ji tana jan hanci. Ya ce mata ba komai, ta bari, Allah ya yi mata albarka. Ya sa wayar a ƙarƙashin matashi ta yi kwana biyar a nan.

A kwanakin nan ya rame. Kiran sallarsa ya gajarce. Yakan tsaya a gefe Mahdi ya buɗe masa kwaɗo, ya kira, ya matsa a rufe, kamar baƙo a ɗakin da ya share shekara talatin. Mu da muka saba tsokanarsa muka rasa ta inda za mu fara. Ranar da na ji ya shiga gida bai yi wa zaure sallama ba, na san abin ya kai inda ya kai.

Ummukulsum ce ta nemo Malam Zailani. Shi makaho ne tun yana shekara shida, malamin makaranta ne, ya kusa ritaya, kuma wayarsa ba ta hutawa, magana take yi masa da sauri kamar mai gwanjo. Ya zo a bayan ɗan acaɓa ranar Laraba da hantsi. Suka zauna a tabarma ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa. Malam Harisu ya ba shi labari tun daga Balarabiya har Baturiya. Malam Zailani ya yi dariya har da tari, shi ne mutum na farko da ya yi dariyar a gabansa ba a bayansa ba, kuma Malam Harisu ya ɗan yi murmushi.

Sannan Malam Zailani ya karɓi wayar ya kunna mata mai karanta fuska, ya riƙa shafa ta da yatsa yana saurare. Ya ce Munzali bai yi kuskure ba, rabin aiki ya yi, irin rabin da mai ido ke gani.

“Yaya Harisu, wannan abu kunne gare ta daban, baki daban. Ya gyara kunnen, ya duba rubutu ya ga daidai, ya sallame ka. Bakin kuwa da ya goge manhajar sai ya koma bin harshen wayar, ita kuma wayar a Turanci take. Kai da ni ba rubutu muke ci ba.”

Ya shiga wurin harshen amsa ya sa Hausa, ya zaɓi murya. Ya tambaye shi ta mace ko ta namiji. Malam Harisu ya ce don Allah ta namiji, ya ga abin da ya gani. Malam Zailani ya ce a wannan manhajar muryar Hausa ɗaya ce tak, kuma ta mace ce, sai haƙuri. Wasu wayoyin ma ba su da ko ɗaya. Ya gaya masa sauran gaskiya ba ɓoyewa. Hausar tana buƙatar data da sabis, ranar da babu za ta yi gum ko ta ce ba ta iya ba. Sunan ƙauye da laƙabi takan karya musu wuya. In maganar lokaci ce ya sa ta maimaita, in ya yi shakka ya ce ta buga wa wanda ya turo ya ji daga bakinsa.

Saura shirun da yake yi bayan sallama. Malam Zailani ya ce in ya tsaya, wayar za ta ɗauka ya gama. Yanzu da aka ɗaure ta ba za ta koma Larabci ba, don Bahaushe ma da sallama yake farawa, za ta amsa masa ne kawai sannan ta jira. Amma in ya fi son ya yi maganarsa a jere, akwai wurin da zai danne da babban yatsa, muddin yana danne tana saurare, sai ya saki za ta yi magana. Malam Harisu ya yi tunani ya ce a'a. Zai yi sallama ya saki ta amsa, sannan ya sake dannawa ya faɗi buƙatarsa. Malam Zailani ya ce aiki biyu ke nan. Ya ce ya sani.

Malam Zailani ya ɗora masa yatsa a wurin, ya ɗiga masa ɗan gam a gefen murfin daidai nan don ya riƙa lalubawa. Malam Harisu ya danna, ya yi sallamarsa cikakkiya, ya saki. Wayar ta ce wa alaikumus salam, ina kwana, me zan taimaka da shi. Ya sake dannawa. Sai ya ce ta karanta masa tsohon saƙon da bai taɓa ji ba. Na Ummukulsum ne, tun na ranar Asabar ɗin da ta tafi, tana cewa ta sauka lafiya, kada Baba ya manta da maganin ido na dare. Kwana goma sha takwas saƙon na zaune a cikin wayarsa.

Bai ruga wurin Liman ba. Ya ce shi ba zai je roƙon mabuɗi ba, wanda ya yi ɓarna ba ya sa wa kansa ranar yafiya. Kullum da hantsi yana zaune a dakali yana gwaji, yana koyon inda take tuntuɓe. Ya gano tana faɗin sunan garin Sandamu wani iri, ya gano in babur na wucewa gara ya jira.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, rabin mazan unguwa sun tafi, Mahdi ma ya tafi sayen yadi da mabuɗinsa a aljihu. Wajen ƙarfe tara wayar Malam Harisu ta yi ƙara. Ya yi sallama, aka amsa, ya ce a karanta. Daga wani ƙauye ne a ƙasar Mashi, wani jikan ɗan'uwan Iya Amatullahi da ya sami lambarsa a jikin tsohuwar takarda. Iya Amatullahi ta rasu. Ita ce tsohuwar da ta yi shekaru tana share harabar masallacinmu tana cika randunan alwala, ba ɗa ba jika, da ciwo ya kama ta aka zo aka tafi da ita ƙauye. Ta bar wasiyya a binne ta a Daura kusa da mijinta. Suna hanya da ita a mota, za a yi salla a ƙofar masallaci ƙarfe goma sha ɗaya.

Ya sa ta maimaita sau biyu. Ya ce ta buga wa mai lambar, ya ji daga bakinsa, sha ɗaya ne, sun wuce rabin hanya. Ya ɗauki sanda.

Liman Sha'aban na zaure yana jan carbi. Malam Harisu ya yi sallama, aka amsa, bai zauna ba. Ya ce Liman ya ce sai ya ji da kunnensa, to ga shi. Ya danna ya yi wa wayar sallama a gaban Liman, ta amsa da Hausa, ta karanta saƙon daga farko har ƙarshe, ta karya sunan ƙauyen, Malam Harisu ya gyara mata. Liman ya yi salati. Ya ce Amatullahi ba ta da kowa. Malam Harisu ya ce tana da unguwa, in an gaya wa unguwar. Ya ce ba mabuɗi ya zo karɓa ba, Liman ya aiki duk wanda ya ga dama, shi dai a yi yanzu.

Liman ya laluba aljihu ya kamo hannunsa ya sa masa mabuɗin a tafi. “Wa ya san sunan ubanta in ba kai ba?”

A ƙofar masallaci ya tsaya ya kashe wayar gaba ɗaya, ya cire hularsa ya sa ta a ciki, ya ajiye a kan taga daga waje. Sannan ya shiga. Muka ji kwaɗo ya buɗe, muka ji ya hura makirufo sau biyu yadda ya saba, muka ji sallama. Ya faɗi sunanta da na ubanta, ya ce wadda aka fi sani da Iya Mai Randa. Ya faɗi lokaci sau uku. Bai ƙara kalma ba, sai dai a na ukun muryarsa ta ɗan karye, ya tsaya, ya ƙarasa. Da ya gama ya bi wayar amfilifaya da hannu har soket ya zare ta.

Mata suka aika gona a kira maza. Masu shago suka ja ƙofa. Wasu suka buga wa 'yan kasuwar Mai'adua, na kusa suka juyo da babura. Da motar ta iso, jikan ɗan'uwan ya fito ya ga jama'a ya tambaya ko wani babban mutum ne ya rasu a unguwar. Sahu bakwai aka yi wa Iya Mai Randa. Alhaji Jibril na sahun farko, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. A hanyar dawowa daga maƙabarta ya zo ya kama hannun Malam Harisu ya tsallakar da shi kwata, suka yi tafiya tare har ƙofar gida. Ba wanda ya ji sun yi maganar mabuɗi. Liman dai bai tambaya ba, Alhaji bai ce a karɓa ba, yana nan ɗaure a igiyar wandon Malam Harisu har yau, kwaɗon kuma ya koma ƙofar bayi.

Mahdi ya dawo da la'asar da yadi a kafaɗa, ya tarar an gama komai ba shi. Ya ji daɗi a ransa, don sanarwa ta ishe shi, amma baki ba ya barin mai shi. Ya tarar da Malam Harisu a dakali da waya a hannu, mu kuma muna zaune. Bai yi sallama ba, ya ce, “Malam, ina Balarabiyar taka? An ce ta musulunta ta koyi Hausa.”

Malam Harisu ya juyo da fuskarsa wajen muryar, ya yi masa sallama cikakkiya, ya jira. Mahdi ya yi tsuru-tsuru, ya amsa. Sannan Malam ya mayar da wayar aljihu ya ce, “Ita sau ɗaya aka gyara mata kunne da baki ta shiryu. Kai shekara ashirin ina fama, har yau bakin ne kaɗai ke kamawa.”